Kafin a ce kare yana da farfaɗiya: jini tukuna, ƙwaya daga baya

Kare ya faɗi yana shure-shure, haƙora a datse, kumfa a baki, fitsari ya kuɓuce masa. A Zariya hukunci biyu ake saurin yankewa a irin wannan hali. Wasu su ce ya haukace, a nemo sanda. Waɗanda suka ɗan saba da kiwon karnuka kuwa su ce farfaɗiya ce, a aika kemis a sayo ƙwaya. Duka biyun gaggawa ce, kuma ta biyun ma tana kashe kare, sai dai a hankali. Faɗuwa da jijjiga alama ce kawai ta cewa ƙwaƙwalwa ta rikice na ɗan lokaci. Abin da ya rikita ta yana iya kasancewa a cikinta, yana kuma iya zuwa mata ta jini daga hanta, ko hanji, ko kwalbar maganin kaska da ke bayan ƙofa. A kare mai ƙananan shekaru, musamman kwikwiyo, na biyun nan ne ya kamata a fara zargi.

Bari mu fara kawar da batun hauka, tunda shi ya fi tsorata mutane, kuma tsoron yana da dalili. Karen da cutar hauka ta bayyana a jikinsa ba ya warwarewa: yakan mutu cikin kwana goma ko ƙasa da haka, kullum yana ƙara lalacewa. Saboda haka karen da ya faɗi watan jiya, ya tashi ya ci abinci, ya ci gaba da gadinsa lafiya lau, sannan ya sake faɗuwa yau, ba mahaukacin kare ba ne. Amma in faɗuwar farko ce, ba a yi masa rigakafi ba, halinsa ya canza cikin 'yan kwanakin nan, ko wani kare ya cije shi, to kada kowa ya kai hannu bakinsa. A killace shi, a kira likitan dabbobi. Wanda yawun ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Tambayar farko da likita zai yi ita ce shekaru. Farfaɗiya ta ainihi, wadda ake gadonta ko take zuwa ba tare da an ga wani lahani a ƙwaƙwalwa ba, takan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 6. Ƙa'idar da kwamitin ƙasa da ƙasa na masana farfaɗiyar dabbobi ya fitar a 2015 ta ɗora wasu sharuɗɗa a kan wannan: kare ya faɗi aƙalla sau biyu da tazarar awa 24 ko fiye, ba tare da wani abu ya tunzura faɗuwar ba; tsakanin faɗuwa da faɗuwa ya kasance garau a jiki da hankali; sannan awon jini da na fitsari su fito ba matsala. Wato babu wani gwaji guda da zai ce "ga farfaɗiya". Ana isa gare ta ne bayan an kore sauran dalilai. Kwikwiyo ɗan mako goma da ke jijjiga bai ma shiga shekarun ba, don haka kiran abin da ke damunsa farfaɗiya kafin a auna jini ganganci ne.

A 'yan kwikwiyo, abin da na fi so kowane mai kare ya riƙe shi ne faɗuwar sukarin jini. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci, da sukarin da jini ke kawo mata take aiki minti bayan minti. Babban kare yana da ajiya a hanta da tsoka, zai iya wuni bai ci ba. Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata uku ajiyarsa kaɗan ce, balle a ce an raba shi da uwa da wuri, an ɗauko shi a mota daga nesa, tsutsar ciki tana tsotse shi, ga zawo, ga sanyin hunturu da asuba. Irin wannan kwikwiyo za ka gan shi tumbi a kumbure, dasashi fari fat, yana layi kamar mai jin barci, jiki sanyi, sannan ya shiɗe. Sukarin lafiyayyen kare yana kaiwa miligiram 70 zuwa 120 a kowace desilita ta jini. Ƙasa da 60 ya yi ƙasa, kuma jijjiga takan zo ne in ya gangara wajen 40. Digon jini ɗaya daga kunne ya isa a gani da na'urar awon suga, har irin ta masu ciwon suga, ko da yake ita takan nuna adadi ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kare.

Akwai tarko a nan da ke ruɗar da mutane. In aka ɗebi jini a kwalba aka bar shi awa uku kafin a kai ɗakin gwaji, ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cinye sukarin, sai sakamako ya fito ƙasa alhali karen lafiyarsa ƙalau. Haka kuma in an riga an ba shi zuma a gida, sakamakon zai fito daidai alhali sukarin ne ya kayar da shi. Don haka a auna nan take, kuma a gaya wa likita duk abin da aka ba kare kafin a zo. Zumar kanta ba laifi ba ce: a shafa kaɗan a dasashi da bayan cokali bayan jijjigar ta lafa, amma kada a ɗura ruwa ko madara a bakin karen da bai farfaɗo ba, zai shaƙe su zuwa huhu. A asibiti ana ba da ruwan gulukos mai kashi 50, rabin mililita zuwa mililita ɗaya a kowane kilo, a sirka shi a tura ta jijiya a hankali. Kwikwiyon da suga ya kayar yakan ɗago kai cikin mintuna. Daga nan maganinsa abinci ne kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, da maganin tsutsa, da ɗumi. Ba ya buƙatar ƙwayar farfaɗiya ko guda.

Na biyu guba ce, kuma a gidajenmu yawanci mai karen ne ya kawo ta da kyakkyawar niyya. Kaska ta addabi kare da damina, sai a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, ko a yi amfani da maganin wankan shanu ba a sirka yadda ya kamata ba. Ire-iren waɗannan magungunan ƙwari suna hana jijiyoyi hutawa. Alamarsu ta bambanta da farfaɗiya ga mai lura: yawu yana zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, amai da zawo, tsokoki suna rawa ko da kare yana cikin hayyacinsa, kuma ba ya komawa daidai tsakanin jijjiga da jijjiga. Sau da yawa warin maganin ma yana jikinsa. Wannan yana buƙatar wanka da sabulu da ruwa mai yawa, da allurar atirofin a hannun likita, da maganin tsayar da jijjiga na lokacin kawai. Shi ya sa tambayar "me aka shafa masa, me aka fesa a gidan, an sa maganin ɓera?" ta fi gwaje-gwaje da yawa amfani. A watannin Maris da Afrilu kuma a taɓa jikin karen: wanda aka ɗaure a rana a kan siminti zafi kaɗai yana iya kayar da shi.

Na uku shi ya fi ɓuya, kuma shi ne dalilin da ya sa nake adawa da sayen ƙwaya kai tsaye. Jinin da ya taso daga hanji ɗauke da abin da aka narkar dole ya bi ta hanta a tace shi kafin ya zagaya jiki. Wasu karnuka ana haifarsu da wata jijiya ta daban da ke kewaye hantar, sai jinin ya wuce ba a tace ba, amoniya da sauran dattin narkewar nama su isa ƙwaƙwalwa. Irin wannan kare shi ne ƙaramin cikin 'yan'uwansa, yana ci ba ya girma. Bayan ya ci nama ko ƙashi da awa ɗaya ko biyu sai ya rikice: ya yi ta zagaye, ya jingina goshi da bango, ya yi kamar ba ya gani, yawu na zuba, wani lokaci ya faɗi. Washegari ya warware. A awon jini akan ga yuriya da albumin, sinadarai biyu da hanta ke haɗawa, sun yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jini ƙanana. Gwajin da ke fayyace shi shi ne na sinadarin ɗacin hanta a jini, sau biyu: bayan kare ya yi awa 12 bai ci ba, sannan awa 2 bayan an ba shi abinci. In na biyun ya yi tsalle sama, hanta ake zargi.

Yanzu a duba abin da zai faru in aka ba wannan kare fenobabital, ƙwayar farfaɗiyar da aka fi sani. Hanta ce ke sarrafa ta. Hantar da jini ba ya bi ta cikinta sosai ba za ta iya fitar da maganin ba, sai ya taru, karen ya yi ta barci har ya kai ga suma, mai shi kuma yana ganin ai jijjiga ta ragu. Abin da yake buƙata daban ne: rage nama a koma ga furotin mai sauƙi kamar ƙwai ko waken soya, ruwan laktulos da ke rage amoniyar da hanji ke turawa, in dole sai an ba da maganin jijjiga a zaɓi lebetirasetam wanda ƙoda ke fitar da mafi yawansa, sannan a yi shawarar tiyata.

Sauran zan wuce su da sauri. Karya mai shayarwa, musamman ƙarama mai 'ya'ya da yawa a makonni uku na farko, in ta fara haki da sanƙarewar ƙafafu, kalsiyam ne ya ƙare mata. Kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, ya yi majina da kwantsa da tari mako biyu da suka wuce, yanzu yana taune-taune kamar mai cin cingam, ko wata tsoka guda tana zillo ba tsayawa har cikin barci, cutar distemfa ce ta hau ƙwaƙwalwa. Wannan ba matsalar jini ba ce, ba kuma farfaɗiyar gado ba ce.

To a ɗauka duk an kore waɗannan. Mu bi misali guda daga farko. A ce namijin kare ne jinsin Alseshan a wani gida a Hanwa, wata 14, kilo 24, an yi masa rigakafinsa duka. Ya faɗi da asuba yana cikin barci: ya sanƙare, ƙafafu suna tuƙi, minti ɗaya da rabi, sannan ya tashi yana dimuwa da yunwa na rabin awa, ya dawo daidai. Bayan mako biyar ya sake. Yaron gidan ya ɗauki na biyun a waya, kuma wannan bidiyo ya fi kowane bayani daraja, domin da shi likita zai bambance jijjiga da sumar ciwon zuciya. Aka kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Tafiyarsa daidai, idanu daidai, ba ya karkata gefe guda. Suga, kalsiyam, gishirin jini, aikin hanta da ƙoda, ƙirgen ƙwayoyin jini da fitsari duk lafiya, ba a ga cutar kaska a jini ba. Shekarunsa, jinsinsa, da faɗuwa cikin hutu duk sun dace da farfaɗiya ta ainihi. Da an ga yana zagaye gefe guda, ko ido ɗaya ba ya gani, da maganar ta koma neman lahani a cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Shin a fara magani? Faɗuwa ɗaya tak, gajeriya, ba ta isa ba. Ana farawa in kare ya faɗi sau biyu ko fiye cikin wata shida, ko sau biyu cikin awa 24, ko jijjiga ɗaya ta wuce minti 5, ko dimuwar bayan faɗuwa ta yi tsanani har da makanta ko cizo. Karenmu ya cika sharaɗin farko. Kafin ƙwayar farko sai an zauna da mai shi an gaya masa gaskiya: maganin nan ba ya warkarwa, ragewa yake yi, kuma galibi na har abada ne, safe da yamma, ranar Sallah da ranar tafiya. Wanda ya san ba zai iya ba gara ya faɗa tun yanzu, domin farawa a daina ya fi rashin farawa haɗari.

Ana fara fenobabital da miligiram 2.5 zuwa 3 a kowane kilo, duk awa 12. Kilo 24 sau 2.5 ya ba da miligiram 60, wato ƙwaya biyu masu miligiram 30 da safe, biyu da dare. A haɗa shi da lokacin da ba a mantawa, misali bayan sallar asuba da bayan magariba, tunda tazararsu ta kusa awa 12 a nan, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin, kada maigadi ya zaci yaro ya bayar. Mako na farko da na biyu karen zai yi kasala, ƙafafun baya su riƙa harɗewa, ya yawaita shan ruwa da fitsari da ci. Kasalar takan wuce da kanta. A nan ne masu karnuka da yawa ke tsorata su tsayar da magani, alhali jikin yana sabawa ne. Ƙishirwar kuwa kada a hana shi ruwa saboda ita, abincin ne za a auna don kada ya yi teɓa.

Maganin yana ɗaukar kimanin mako biyu kafin ya daidaita a jini, don haka faɗuwa a kwana na biyar ba ta nuna ya gaza. A kwana na 14 ake auna yawansa a jini. Awon iri ɗaya ne da wanda ake yi wa mutane masu shan wannan magani, saboda haka ɗakin gwajin da ke yi wa mutane zai iya yi wa kare. Abin da ake nema yana tsakanin maikirogiram 15 da 40 a kowace mililita, amma mafi yawan karnuka sun fi samun sauƙi a 25 zuwa 30, kuma daga 35 zuwa sama hanta ta shiga haɗari. A ce na karenmu ya fito 21, bai sake faɗuwa ba. Sai a bar shi haka.

Amma fenobabital yana da wata ɗabi'a: yana zaburar da hanta ta ƙara saurin sarrafa shi kansa. Ƙwayar da ta isa a watan farko tana iya gazawa a na biyu. Shi ya sa ake sake awo a mako na shida. A ce karenmu ya faɗi sau biyu a tsakani, awo ya nuna 16, kuma an tabbatar ba a tsallake ƙwaya ba, bai yi amai bayan sha ba. Nan ba a canza magani, ƙarawa ake yi, da lissafi mai sauƙi: adadin da ake so a raba da wanda aka samu, a ninka da abin da yake sha a rana. 25 a raba da 16, sau 120, ya ba da kusan 187. Sai a tsaya a 180, wato ƙwaya uku da safe, uku da dare, a sake awo bayan mako biyu. A kuma ɗora shi a sikeli duk zuwa, domin kare mai wata 14 bai gama cika ba, in ya kai kilo 30 lissafin farko ya tashi. Inda awon maganin bai samu ba, likita zai ƙara kaɗan-kaɗan yana duban yawan faɗuwa da kasala, amma a nan awon hanta ya zama wajibi ninki biyu, tunda ana tafiya ne ba tare da ganin adadin ba.

Awon hanta da ƙirgen ƙwayoyin jini ana yin su kafin a fara, a wata na uku, sannan duk wata shida. A takardar sakamako za a ga ALP, ɗaya daga cikin sinadaran hanta da ake aunawa, ya hau, wani lokaci sosai. Wannan kaɗai ba lalacewar hanta ba ce, zaburar nan ce da maganin ke yi. Abin tsoro shi ne albumin ya fara sauka, ALT, sinadarin da ke nuna raunin hanta, ya yi ta hawa, sinadarin ɗacin hanta ya tashi, ko karen da ya saba da magani ya koma kasala ba a ƙara masa komai ba, ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya. Akwai kuma wata illa da ba ta cika faruwa ba, a watannin farko: fararen ƙwayoyin jini da masu daskarar da jini su zube, kare ya yi zazzaɓi. A garin da kaska ta yi yawa irin namu za a yi saurin cewa cutar kaska ce, don haka duk likitan da ya ga karen a gaya masa yana shan fenobabital.

Littafin rubutu na naira kaɗan yana cikin maganin. Kwanan wata, lokaci, minti nawa, me ya faru kafin nan. Da shi kaɗai za a san ko ana cin nasara, kuma nasara a nan ita ce faɗuwa ta ragu da rabi ko fiye ba tare da kare ya zama gunki ba. Wasu suna dainawa gaba ɗaya, amma kusan ɗaya cikin huɗu ba sa jin magani yadda ake so. In adadin ya kai wajen 30 a jini kuma faɗuwa ba ta ragu ba, ana ƙara na biyu a kai. Fotasiyam buromaid, miligiram 15 a kowane kilo sau biyu a rana, ba ya bi ta hanta, sai dai yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya daidaita, kuma gishirin abinci yana kore shi ta fitsari. Karen da yau tuwo da miyar gida, gobe abincin buhu, adadinsa ba zai zauna ba. Lebetirasetam kuwa miligiram 20 ne a kowane kilo duk awa 8, ga tsada. Magungunan farfaɗiyar mutane irin su fenitoyin da kabamazafin ba su da amfani a nan, jikin kare yana fitar da su kafin su yi aiki.

Ranar da jijjiga ta zo duk da magani, a janye abin da zai buge, a rage haske da hayaniya, a duba agogo. Kare ba ya haɗiye harshensa, kada a cusa masa cokali ko hannu. In ta kai minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, a nufi asibiti, ana jiƙa masa jiki da ruwa a hanya domin zafin jiki yana hawa da sauri. Ga karen da aka san yana jero faɗuwa, likita na iya ba mai shi dayazafam na ruwa da za a tura ta dubura, miligiram 1 a kowane kilo, har zuwa 2 ga mai shan fenobabital.

Wasu munanan jijjigar da ke samun karen da ke kan magani daga yankewar ƙwaya suke zuwa: ta ƙare ranar Juma'a, aka ce sai Litinin. Ƙwaƙwalwar da ta saba da fenobabital in aka yanke mata shi kwatsam tana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa. Tunda magani ne da sai da takardar likita ake sayar da shi, a sabunta takardar tun da sauran na mako biyu a hannu. In kuma kare ya yi shekara ɗaya ko biyu bai faɗi ba har ana tunanin dainawa, ragewar ba ta wuce kashi 20 cikin 100 a wata, kuma in ya faɗi a tsakani a koma adadin da ya riƙe shi a baya.